Daga 90 Zuwa 70: Kuskuren da Ke Juya Kibiya a Tambayar Osmosis

Ga wata tambaya da kusan duk ɗalibin da ya karanta ilimin halittu a babbar sakandare ya taɓa cin karo da irinta, ko a aji ko wajen shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. An raba wani mazubi gida biyu da siririn tantani, wanda ruwa ke iya ratsawa amma sukari ba ya iyawa. A ɓangaren hagu an zuba ruwan sukari mai kashi 10 cikin ɗari, a ɓangaren dama kuma mai kashi 30 cikin ɗari. Sai a ce wa ɗalibi ya zana kibiya ya nuna inda ruwa zai nufa.

Ɗalibai da yawa ba sa ko tsayawa dogon tunani. Sun riga sun haddace cewa abu yana tashi daga inda ya fi yawa ya koma inda ya yi ƙaranci. Ga 30, ga 10. Sai su ja kibiya daga dama zuwa hagu, su wuce tambaya ta gaba hankali kwance. Amma da za a haɗa wannan mazubi a kan tebur a zuba ido, ɓangaren dama ne zai riƙa cika, na hagu yana raguwa. Ruwan ya tashi daga wajen 10 ya koma wajen 30.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da ciwo shi ne, ba malalacin ɗalibi ne ke yin sa ba. Wanda ya yi karatu ya riƙe ƙa'ida shi ne ke faɗawa, kuma ƙa'idar da ya riƙe ɗin gaskiya ce. Inda ya kauce wuri ɗaya ne tak: ƙa'idar tana magana ne a kan yawan ruwa, lambobin da aka ba shi kuwa na yawan sukari ne. Ya ɗauki awon wani abu ya yanke hukunci da shi a kan wani abu dabam.

Abin da ke faruwa a jikin tantanin

Idan aka kunna turaren wuta a lungu ɗaya na ɗaki, ba a daɗewa ƙamshin zai kai kowace kusurwa. Ƙwayoyin ƙamshin ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke, don haka sukan bazu daga inda suka yi cunkoso zuwa inda babu su. Wannan bazuwa ita ce darasin da ake fara koyarwa, kuma a nan ne ɗalibi ke haddace jimlar "daga inda ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci". A wannan darasi babu ruɗani, domin abin da aka faɗi yawansa shi ne abin da ke tafiya. Idan aka ɗiga ruwan sukari mai kauri a cikin kofin ruwa, sukarin ne zai bazu, kuma daga inda ya fi yawa zai tashi.

Osmosis na zuwa ne idan aka gitta tantani a tsakani. Tantanin kamar rariya yake, gari ya wuce tsaki ya tsaya. Ƙwayar ruwa ƙarama ce, tana ratsawa. Ƙwayar sukari ta fi ta girma nesa ba kusa ba, an tare mata hanya. Irin wannan tantani ne ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta mai rai, ta mutum ce ko ta dabba ko ta tsiro. Tun da sukari ba shi da hanyar wucewa, maganar tafiyarsa ta ƙare. Matafiyi ɗaya ya rage, shi ne ruwa. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi ita ce: a wane ɓangare ne ruwa ya fi yawa?

Yana da kyau a sani cewa ƙwayoyin ruwa suna ratsa tantanin ta kowane ɓangare a kowane lokaci, wasu na shiga wasu na fita. Kibiyar da ake nema a jarrabawa tana nuna inda rinjaye yake ne, wato ɓangaren da masu shiga suka fi masu fita yawa.

Mutane sun daɗe da ganin wannan abu. A shekarar 1748 wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Jean-Antoine Nollet ya cika ƙaramar kwalba da barasa mai ƙarfi, ya rufe bakinta da fatar mafitsarar alade, ya tsoma ta cikin ruwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ya tarar fatar ta kumburo waje ta yi tam. Ruwa ne ya ratsa ya shiga cikin kwalbar, inda da ma ruwan ya yi ƙaranci, kuma ya fi barasar saurin wucewa ta jikin fatar.

Lissafin da ke warware matsalar

Mu koma kan mazubinmu. Idan aka ce ruwan sukari mai kashi 10 cikin ɗari, ana nufin a cikin kowane giram 100 na haɗin akwai giram 10 na sukari. To sauran giram 90 ɗin fa, mene ne? Ruwa ne. Haka a ɓangaren dama: giram 30 sukari, giram 70 ruwa. Kowane haɗi yana ɗauke da lambobi biyu ke nan, ɗaya ta sukari ɗaya ta ruwa, kuma idan ɗaya ta hau dole ɗayar ta sauka, domin wuri ɗaya suke rabawa. Mai shirya tambaya lamba ɗaya kawai yake rubutawa, kuma kusan kullum ta abin da aka narkar ce. Ta ruwan, ɗalibi ne zai fito da ita da kansa.

Da zarar an rubuta 90 a hagu da 70 a dama, an gama. Ruwa ya fi yawa a hagu, don haka daga hagu zai tashi ya nufi dama. Ƙa'idar da ɗalibin ya haddace ba ta canza ba ko kaɗan, an dai ɗora ta a kan lambobin da suka dace da ita.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne, littattafai suna faɗar ma'anar osmosis ta hanya biyu. Wani littafi zai ce tafiyar ruwa ce daga inda ruwa ya fi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Wani kuma zai ce tafiyar ruwa ce daga haɗi tsararo zuwa haɗi mai kauri. A kunne, na farko na cewa daga sama zuwa ƙasa, na biyu na cewa daga ƙasa zuwa sama. Alhali magana ɗaya suke yi, domin tsararon haɗi shi ne mai yawan ruwa, mai kaurin kuwa shi ne mai ƙarancinsa. A Turanci, wanda shi ne harshen jarrabawar, kalma ɗaya ce ake amfani da ita a duka biyun, wato konsantireshan. Idan aka faɗe ta ita kaɗai ba a ambaci na mene ne ba, al'adar masana ita ce ana nufin abin da aka narkar. Ɗalibin da ya yanke rabin jimla daga littafin farko ya haɗa da lambobin da aka rubuta bisa tsarin littafi na biyu, kibiyarsa ba makawa za ta juya.

Shi ya sa nake ba da shawarar matakai huɗu, waɗanda ba za su ci minti ɗaya ba. Da farko a duba abin da tantanin ya bari ya wuce da abin da ya tare. Na biyu, a rubuta sunan abu a gefen kowace lamba, kada a bar 30 tsirara, a rubuta "sukari 30". Na uku, a cire kowace lamba daga 100 a rubuta "ruwa 70" da "ruwa 90". Na huɗu, a ja kibiya daga babbar lambar ruwa zuwa ƙarama, a rubuta "ruwa" a jikin kibiyar. Bayan haka sai a gwada amsar: kan kibiyar ya ƙare a wajen da sukari ko gishiri ya fi yawa? Idan ya ƙare can, an dace.

Akwai wani ɗan tarko a kalmar "yawa" kanta. Ba girman mazubi ake nufi ba. A ce an sa ƙaramar jakar tantani mai ɗauke da cokali biyu na zallan ruwa a cikin bokiti cike da ruwan gishiri. Ruwan da ke cikin bokitin ya ninka na jakar sau ɗaruruwa, amma duk da haka jakar ce za ta tsotse. Abin dubawa shi ne rabon ruwa a cikin kowane ɗigo: na jaka ɗari bisa ɗari ne, na bokiti bai kai haka ba.

A gani da ido a jikin doya

Babu abin da ke zaunar da wannan darasi a kai kamar gwajin doya, wanda littattafan makarantun Najeriya suka daɗe suna kawowa, kuma ana iya yin sa a tsakar gida. A feraye ɗanyar doya, a yanko gunduwa mai kauri wadda za ta iya zama daram a kan faranti. A ƙwaƙule rami a tsakiyarta, a bar bango da gindi masu ɗan kauri, a kula kada wuƙa ta huda ƙasan. A dama sukari mai yawa a ruwa kaɗan, a zuba a ramin zuwa rabi, a soka fil ko tsinke daidai inda ruwan ya tsaya. Sai a ajiye doyar a faranti mai zurfi, a zuba zallan ruwa a kewaye da ita, amma kada ya kai bakin ramin.

Kafin a tafi, kowa ya faɗi abin da yake tsammani. Mai riƙe da juyayyiyar kibiya zai ce ruwan ramin zai ragu, tun da can ne "ya fi yawa". Bayan 'yan sa'o'i idan aka dawo, za a tarar ruwan ramin ya hau ya shanye tsinken. Ruwan faranti ya ratsa ƙwayoyin doyar ɗaya bayan ɗaya har ya isa wajen sukarin.

Gwajin bai cika ba sai an yi na biyu a gefe da gunduwar da aka dafa. A cikinta ruwan ramin ba zai hau ba, domin zafi ya kashe ƙwayoyin ya lalata tantaninsu, babu sauran abin da zai tare sukari ya bar ruwa. Wannan ne ke tabbatar da cewa tantanin ne ke sa abin ya faru. Idan kuma ɗanyar doyar ma ba ta nuna komai ba, a duba abu uku: ko gindin ya huje, ko ba a feraye ɓawon inda ke taɓa ruwan ba, ko sukarin bai yi kauri sosai ba.

Madafa ma cike take da shaida. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ko kokwamba ta ga yadda ruwa ke tsatsowa ya kwanta a ƙasan kwano. Alayyahon da ya yi yaushi kuwa, idan aka tsoma shi a ruwa mai kyau, yakan farfaɗo ya miƙe. A na farko gishiri na waje, ruwa ya fito. A na biyu abubuwan da suka narke suna cikin ganyen, ruwa ya shiga.

Inda kuskuren ya wuce asarar maki

Ƙarin ruwan da aka fi sa wa marasa lafiya a asibiti yana ɗauke da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari, wato giram 9 a kowace lita. An zaɓi wannan awo ne domin ya yi kusan daidai da kaurin ruwan jini, ta yadda ruwan da ke shiga jajayen ƙwayoyin jini da wanda ke fita za su yi kunnen doki. Da za a sa jan ƙwayar jini a cikin zallan ruwa, ruwa zai yi ta shiga, ta kumbura har ta fashe, domin ba ta da bango mai tauri irin na ƙwayar tsiro. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗura wa mutum zallan ruwa ta jijiya. Da kuma za a sa ta a ruwan gishiri mai kashi 3 cikin ɗari, a waje ruwa 97 ne, cikinta kuwa daidai yake da haɗin da ruwansa ya kai 99. Ruwa zai fita, ta yamutse. Ɗalibin da ke son zama ma'aikacin jinya ko likita, idan ya tafi da juyayyiyar kibiya, zai yi hasashen akasin abin da zai faru a duka biyun.

Manomi ma ya san abin a aikace. Idan aka zuba takin zamani da yawa dab da gindin masara, musamman lokacin da ƙasa ba ta da isasshiyar laima, sai a ga shukar ta yi yaushi, ganyen ya bushe daga baki, a ce taki ya ƙone ta. Takin ya narke ne a ɗan ruwan da ke kewaye da saiwa, ya mai da shi haɗi mai kauri fiye da ruwan cikin saiwar. Maimakon saiwa ta sha, sai ita ake tsotsa. Shi ya sa ake ba da shawarar a sa taki ɗan nesa da gindi, kuma a sa shi lokacin da ƙasa ke da danshi.

Iyakar dabarar cirewa daga ɗari

Dabarar 90 da 70 tana aiki ne idan abu iri ɗaya aka narkar a ɓangarorin biyu. Idan aka canza, tana iya yaudara. A ce a hagu akwai gishiri kashi 5, a dama sukari kashi 10. Cirewa daga ɗari zai ba da ruwa 95 a hagu da 90 a dama, a ce ruwa zai nufi wajen sukari. Amma wajen gishirin zai nufa.

Dalili shi ne, abin da ke jan ruwa adadin ƙwayoyin da suka narke ne, nauyinsu bai dame shi ba. Wannan na cikin abin da masanin nan ɗan ƙasar Holan, Jacobus van 't Hoff, ya bayyana, wanda aka ba kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar sinadarai a 1901. Ƙwayar sukari tana da nauyi: adadin ƙwayoyin da ke cikin giram 342 na sukari, shi ne ke cikin giram 58.5 kacal na gishiri. Sannan kowace ƙwayar gishiri idan ta narke tana rabuwa gida biyu, kowane rabi yana aiki da kansa. Idan aka haɗa lissafin, giram ɗaya na gishiri yana ba da ƙwayoyi fiye da ninki goma sha ɗaya na giram ɗaya na sukari. Gishiri kashi 5 ɗin nan ya ninka sukari kashi 10 wajen jan ruwa kusan sau shida.

Wannan ya nuna cewa maganar "yawan ruwa" tsani ce ta shiga darasi. A gaba, a jami'a ko kwaleji, za a maye gurbinta da wani awo da ke nuna ƙarfin ruwa na barin inda yake, wanda ake rubutawa da alamar Ψ. Zallan ruwa yana kan 0, kuma duk abin da aka narkar a ciki yana saukar da shi ƙasa da sifili. A nan ma tsohon kuskuren yakan dawo da sabuwar riga. Idan aka ba da −200 kPa da −600 kPa, ido yakan tafi kan 600 ya ɗauka shi ne babba. Amma −200 ne ya fi kusa da sifili, shi ne ya fi kusa da zallan ruwa, don haka daga −200 ruwa zai tashi ya nufi −600.

Sai kuma maganar matsi. Ruwa ba ya ta shiga ba iyaka. A ƙwayar tsiro, bangonta mai tauri yana tokarewa idan ta cika, shigar ruwan ta tsaya ko da kaurin ciki da na waje ba su daidaita ba. Idan aka matsa ɓangaren mai kauri da ƙarfin da ya isa, ana iya tilasta wa ruwa ya koma baya, ya bar gishirin a can. Da wannan dabara ake tace ruwan teku a ƙasashe irin su Saudiyya, kuma masana'antun ruwan gora da na leda da yawa suna amfani da ita. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a lita, kuma kafin ruwansa ya fara komawa baya sai matsin ya wuce ninki 27 na nauyin iskar da ke kanmu. Wato kibiyar da ɗalibi ya ja daga 30 zuwa 10 ba ta yiwuwa sai da famfo mai ƙarfi da wutar lantarki. Idan tambaya ba ta ambaci matsi ba, babu wannan zance.

Abin da ya rage ga malamai da iyaye

Idan aka tarar da juyayyiyar kibiya a takardar yaro, jan biro da sake karanta masa ma'anar osmosis ba za su gyara komai ba, domin ma'anar yana da ita a kai. A sa yatsa a kan lambar a tambaye shi: "Wannan 30 ɗin, na mene ne?" Idan ya ce na ruwa ne, bai fahimci yadda ake rubuta awon haɗi ba, sai a auna masa sukari da ruwa a gabansa. Idan ya ce na sukari ne amma ya nace kibiyar daidai take, to yana ganin sukarin ne ke tafiya, ya manta da tantanin, sai a koma kan doya ɗanya da dafaffiya. Cuta biyu ce mai alama ɗaya, kuma kowace da maganinta.

Malami kuma ya hana bakinsa faɗar "ya fi yawa" ba tare da ya ambaci abin da ya fi yawan ba. A kan allo, a rubuta lambobi biyu a kowane ɓangare, ta sukari da ta ruwa, har sai ɗalibai sun saba fito da ta biyun da kansu. Kuma a daina ba su tambaya iri ɗaya kullum. Yau a ba su awon sukari, gobe a ba su awon ruwan kai tsaye, jibi a cire tantanin gaba ɗaya a tambaye su wane ne zai yi tafiya. Yaron da ya amsa ukun daidai, ya kuma iya faɗar dalili da bakinsa, shi ne ya fahimci osmosis.